Yaron da madara ba ta karɓe shi ba: cikinsa ne ya kasa, ko jikinsa ne ke faɗa da ita?

A Damagaram da wuya yaro ya kai wata goma bai ɗanɗani wani abu na madara ba. Akwai kunun gero da ake barbaɗa wa madarar gari, akwai furar rana da nonon da matan Fulani ke kawowa cikin gari, akwai kindirmon leda mai sanyi da uba ke shigowa da shi da yamma, ga cuku ga man shanu. Shi ya sa in yaro ya fara zawo ko ƙuraje suka feso masa, madara ce ake fara tuhuma. Hukuncin da ake yankewa a tsakar gida kuma kusan kullum iri ɗaya ne: madara ba ta karɓe shi ba, a daina ba shi, ko a koma ta akuya.

Ƙarƙashin wannan magana guda akwai larura biyu da ba su haɗa komai ba sai farin ruwan da ke jawo su. Ta farko rashin iya narkar da sukarin madara ce. Ta biyu alajin madara ce, wato garkuwar jiki ta ɗauki furotin ɗin madara a matsayin abokin gaba. Ta farko tana ba da wahala amma ba ta kisa da kanta, kuma yawan abin da aka sha ne ke tayar da ita. Ta biyu cokali ɗaya na iya tayar da ita, kuma a wasu yara tana iya toshe numfashi cikin mintuna. Abincin da ya dace da ɗaya na iya zama haɗari ga ɗayan, don haka rarrabe su shi ne dukan aikin.

A cikin kowace madara ta dabba mai shayarwa akwai sukari da ake kira laktos. Madarar saniya tana da kusan giram 5 a kowace mililita 100, nonon uwa kuwa kusan giram 7, wato ya fi na saniya yawa. Wannan sukari ba ya shiga jini yadda yake. Sai wani sinadari mai suna laktez, wanda ke zaune a saman fatar ƙaramin hanji, ya raba shi gida biyu tukuna. In laktez ɗin ya yi kaɗan, sukarin sai ya wuce har babban hanji bai narke ba. A can yana yin ɓarna iri biyu: yana janyo ruwa cikin hanji, kuma ƙwayoyin da ke zaune a wurin suna cinye shi suna fitar da iska da tsami. Daga nan ake samun kumburin ciki, ƙugi, tusa mai yawa, da zawo na ruwa mai kumfa da warin tsami, wanda ke fitowa da ƙarfi. Tsamin yakan ƙona ɗuwawun yaro su yi ja har su saɓule. Yawanci abin yana farawa daga rabin awa zuwa awa biyu bayan an sha. Duka a ciki yake tsayawa. Ba ya kumbura leɓe, ba ya kawo borin jini, ba ya taɓa numfashi.

Shekarun yaro su ne abu na farko da ya kamata a tambaya, kuma a nan ne ake yawan kuskure. Kusan kowane jariri ana haifarsa da isasshen laktez, domin da shi zai rayu a kan mama. Wanda ake haifa babu shi sam abu ne mai wuyar samu ƙwarai, an fi saninsa a ƙasar Finlan. A yawancin mutanen duniya, kusan biyu cikin uku, laktez yana raguwa a hankali bayan yaye, amma alamun ba su cika bayyana ba kafin shekara biyu ko uku, sun fi fitowa daga shekara biyar zuwa sama. Wannan gado ne, ba cuta ba. Binciken da aka yi a Najeriya a farkon shekarun 1970 ya nuna yawancin Fulani makiyaya suna riƙe laktez ɗinsu har girma, alhali yawancin mutanen kudu ba sa riƙewa. A gari irin namu, inda Bahaushe da Babarbare da Bafulatani da Buzu suka daɗe suna auratayya, sai ka ga ’yan ɗaki ɗaya wani yana shanye kwanon madara lafiya lau, wani rabin kofi ya isa ya murɗa masa ciki.

To, idan yaro ɗan wata takwas ko goma ya kasa narkar da madara, ba wannan na gado ba ne. Kusan kullum hanjinsa ne ya ji rauni. Laktez yana zaune a can saman fatar hanji, shi ne farkon abin da zawo mai tsanani ke gogewa, kuma yana cikin na ƙarshe da ke dawowa. Ƙwayar rota, ƙwayar giyardiya da ake sha a ruwa marar tsabta, da tamowa mai tsanani duk suna yin haka. Hanjin yakan farfaɗo cikin mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci har shida ko takwas. A wurinmu, inda zawon yara ba baƙo ba ne musamman da damina, wannan na wucin gadi shi ne aka fi gani a ƙananan yara.

Mu ɗauki yarinya ’yar wata goma, nauyinta kilo 7, a wani gida a unguwar Birni. Tana shan mama, kuma tun tana wata bakwai ake ba ta kunu da madarar gari sau biyu a rana, ba ta taɓa nuna komai ba. Sai zazzaɓi da amai da zawo suka kama ta. Amai da zazzaɓin suka tafi cikin kwana uku, zawon ya ƙi tsayawa, yau kwana goma sha biyar. Uwar ta lura duk lokacin da aka ba ta kunu mai madara, kafin awa ɗaya ciki ya ɗaure tamau, sai zawo mai kumfa, ɗuwawu ya yi jawur. Babu jini a kashin, babu ƙuraje a jiki. Kakar yarinyar ta riga ta yanke nata hukuncin, ta ce wa ma’aikaciyar lafiya: “’Yar nan, nonon uwar ne ya ɓaci, ni na ce a cire ta daga mama.” Ma’aikaciyar ta ce: “A’a Inna, ki yi haƙuri, maman nan shi ne maganinta.”

Abin da ya warware wannan lamari yana cikin tarihin, tun kafin a je ga wani gwaji. Yarinyar ta yi wata uku tana shan madarar nan lafiya, matsalar ta zo ne bayan zawo. Alaji ba ta cika zuwa haka ba. Yawanci tana bayyana cikin kwanaki ko ’yan makonnin farko da fara ba yaro madarar. Sannan duk alamun a ciki suke, kuma suna bin yawan abin da ta sha. In ana son tabbaci ana iya auna kashin a ga tsaminsa da ragowar sukari a ciki, amma ga jaririn da ke shan mama wannan gwaji yakan ruɗar, domin ko lafiyayye kashinsa yana da ɗan tsami. Gwajin numfashi, wanda ake auna iskar da ƙwayoyin hanji suka fitar bayan an sha laktos, ya fi dacewa da manyan yara, kuma ba kowane asibiti ke da na’urarsa ba. Mafi yawan lokaci canjin abinci na ’yan kwanaki shi ke ba da amsa.

Zawon da ya kai kwana 14 yana da nasa tsari a ƙa’idar Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma tsarin bai ce a hana madara ba. Na farko, a ci gaba da ba da mama, a ma ƙara, dare da rana. Mutum zai ce ai nonon uwa ya fi laktos, me ya sa ba za a tsayar da shi ba? Saboda yana shiga kaɗan-kaɗan, yana ɗauke da abubuwan da ke gyara fatar hanji da kare ta daga wasu ƙwayoyin, kuma yaron da aka cire daga mama yana tsakiyar zawo hanyar ɗakin tamowa aka ɗora shi. Na biyu, madarar gari ko ta saniya a maye ta da kindirmo in ana da mai tsabta. In babu, a rage ta kada ta wuce mililita 50 ga kowane kilo a rana. Ga wannan yarinya mai kilo 7, mililita 350 ke nan a yini guda, bai kai cikin ledar ruwa ta rabin lita ba. A raba shi sau biyar ko shida, a dama shi cikin kunu, kada a ba ta shi zalla a ciki wayam, kuma kada a tsinka shi da ruwa don a rage masa ƙarfi, domin hakan abincin yake ragewa. Gurbin da aka rage a cike shi da kunu mai kauri da aka sa wa gyaɗa ko cokalin mai, da ƙwai, da wake da aka dafa ya yi laushi aka murje. Na uku, ruwan gishiri da sukari na leda bayan kowane zawo, da ƙwayar zinki miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14. Wanda bai kai wata shida ba miligiram 10 ake ba shi.

Bayan kwana biyar zuwa bakwai a koma awo. In zawon ya ragu, nauyi ya fara hawa, an kama hanya. Bayan mako biyu zuwa huɗu sai a riƙa mayar da madarar a hankali har ta koma yadda take. In bai ragu ba, ko nauyi yana sauka, ko igiyar awon dantse ta shiga ja, ƙasa da milimita 115, ko ido ya faɗa tana ƙin sha, to ba maganar gida ba ce kuma. A asibiti za a nemi giyardiya da sauran cututtuka, kuma a can ne ake yanke shawarar madarar gwangwani marar laktos in ta zama dole.

Dalilin da ya sa kindirmo da nono suke zauna wa irin wannan yaro shi ne, ƙwayoyin da suka tsamar da madarar sun riga sun cinye wani kaso na sukarin, kuma suna shiga ciki da nasu laktez ɗin suna taya hanji aiki. Cuku ma da sauƙi, domin yawancin sukarin yana bin ruwan da ake tsiyayewa lokacin yinsa. Man shanu kusan babu laktos a cikinsa. Shi ya sa ɗan makarantar da kofin madara da safe ke kumbura masa ciki yake shan furarsa da nono da rana babu abin da ya same shi. Irin wannan yaro ba ya bukatar a raba shi da madara. A nemo iyakarsa kawai: a fara da rubu’in kofi tare da abinci, a ƙara bayan ’yan kwanaki. Manya da matasa da yawa masu wannan hali suna ɗaukar kusan giram 12 na laktos a zama ɗaya, wato kofi guda na mililita 250. Ƙaramin yaro iyakarsa ƙasa da haka take. Madarar akuya da ta raƙumi duk suna da laktos kusan kamar ta saniya, canza dabba ba ya magance komai a nan.

Alaji kuwa ba ruwanta da sukari. Furotin ɗin madara iri biyu ne: kazin, wanda shi ne kusan kashi 80 cikin ɗari kuma shi ke daskarewa ya zama cuku, da furotin ɗin ruwan da ke tsiyaya. Garkuwar jikin wasu jarirai tana yi wa ɗayansu ko dukansu tawaye. Larurar ƙuruciya ce, yawanci tana bayyana a shekarar farko, kuma ba ta kai yawan da ake zato ba: jarirai biyu zuwa uku cikin ɗari ne ƙiyasin da aka fi ambata, inda aka tabbatar da gwaji ma ƙasa da haka. Tana zuwa da fuska biyu.

Mai gaggawa ba ta ɓuya. Ɗan wata bakwai da bai taɓa shan komai ba sai mama, an ba shi kunu mai madara karon farko ko na biyu. Kafin minti goma ko ashirin kewayen bakinsa ya yi ja, borin jini ya taso ruɗu-ruɗu a fuska da wuya, leɓe ko fatar ido ta kumbura, ya yi amai. Wani ma inda madarar ta ɗiga a haɓarsa nan take wurin ke tashi. Wannan nau’in yana fitowa cikin mintuna, bai cika wuce awa biyu ba. In ya tsaya a fata kaɗai, maganin ƙaiƙayi na ruwa yana kwantar da shi, amma dole likita ya ga yaron. In kuwa murya ta dishe, ko tari ya sarƙe shi, ko numfashi na fito, ko harshe ya kumbura, ko ya yi laushi ya yi fari fat kamar zai suma, to ana maganar rai ne. Maganinsa allurar adirenalin a tsokar cinya ta waje, miligiram 0.01 ga kowane kilo, kuma ma’aikacin lafiya ne ke yin ta. Maganin ƙaiƙayi ba ya buɗe maƙogwaro. Kada a tsaya ɗura masa mai ko jiƙo, kada a tsaya jiran maigida ya dawo daga kasuwa. A kama ɗan kabu-kabu zuwa asibiti mafi kusa. Ko ya warware bayan allurar ana riƙe shi wasu awoyi, domin abin yakan dawo.

Mai jinkirin ita ce ke wahalar da kowa, har likitoci. Ba ta fitowa sai bayan awoyi, har zuwa kwana uku, don haka uwa ba ta haɗa ta da abin da aka ci shekaranjiya. Alamunta su ne zaren jini da majina a kashin jaririn da ke wasansa lafiya, ko amai mai yawa da ƙin abinci, ko zawon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, ko busasshiyar fata mai ƙaiƙayi a kumatu da lanƙwasar hannu wadda man shafawa bai yi mata komai ba, ko nauyi ya tsaya a katin awo wata da watanni. Akwai wani nau’i mai tsanani da yaro ke kwarara amai ba ƙaƙƙautawa awa ɗaya zuwa huɗu bayan ya sha, ya galabaita kamar wanda cuta ta shiga jininsa. Shi ma na asibiti ne nan take. Har jaririn da bai san komai ba sai mama yana iya nuna zaren jinin nan, domin ɗan furotin ɗin nonon da uwar ta sha a fura yana ratsawa cikin nata.

A nan sai an yi hattara, don littattafan da aka rubuta a Turai suna sa alaji a gaba in an ga jini a kashin jariri. A Damagaram ba haka lissafin yake ba. Jini a zawo, tare da zazzaɓi da yunƙuri da yaro a kwance, atini ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma magani yake bukata a ranar. Haka ƙuraje: na zafi a watan Afrilu da Mayu, da ƙazuwa da ke bin ’yan ɗaki ɗaya, sun fi alaji yawa nesa ba kusa ba. Akwai kuma mai laifi na uku da ake mantawa, wato madarar kanta. Wadda ba a tafasa ba, ko nonon da aka ƙara wa ruwan da ba a san asalinsa ba, ko madarar gari da aka dama da safe aka bari a kwano har azahar, duk suna sa zawo da amai ga yaron da ba shi da ko ɗaya daga cikin larurorin nan biyu. Alamar da ke tona wannan ita ce wasu a gidan ma sun kamu, ko kuma yau ta yi masa illa, gobe daga wata ƙwaryar ba ta yi ba. Alaji ba ta zaɓen ƙwarya.

Nau’in gaggawa ana iya tallafa wa tarihinsa da gwajin tsaga fata ko gwajin jini na IgE, wato sinadarin garkuwar jiki da ke tayar da irin wannan alaji, inda ake samunsu. Sakamakon shi kaɗai ba hukunci ba ne, domin yara da yawa gwajinsu yana nuna alama alhali suna shan madara lafiya. Nau’in jinkiri kuwa waɗannan gwaje-gwaje ba sa ganinsa. Hanyarsa ɗaya ce, kuma matakai biyu gare ta. A cire duk wani abu na madara kwata-kwata na mako biyu zuwa huɗu. In jaririn mama kaɗai yake sha, uwar ce za ta bar nono da madara da cuku, ba shi za a cire daga mama ba. In alamun sun tafi, sai a mayar da madarar a gani. In sun dawo, an tabbatar. In an yi mako huɗu babu canji, ba madara ba ce, a mayar masa da abincinsa a nemi dalili a wani wuri. Mataki na biyun shi ne mutane ke tsallakewa. Yaro ya samu sauƙi, kowa ya ji tsoron sake gwadawa, sai a hana shi madara shekara biyu a kan zawon da da ma zai tafi da kansa. Sai dai wannan sake gwadawa a gida na nau’in jinkiri mai sauƙi ne kawai, bisa shawarar likita. Yaron da ya taɓa kumbura ko numfashinsa ya sarƙe, ko mai aman nan mai galabaitarwa, ba a gwada shi sai a asibiti, adirenalin na ajiye a kusa.

Idan alaji ta tabbata, duk sauƙin da aka lissafa wa mai matsalar laktos ya faɗi. Nono da kindirmo furotin ɗinsu na nan daram. Tafasawa ba ta kashe kazin. Cuku shi ne kazin ɗin ma a dunƙule. Man shanu yana ɗauke da ragowar da ta isa ta tayar da mai tsananin alaji. Madarar gwangwani marar laktos, wadda wasu ke saya da tsada a kantin magani suna ganin sun huta, madarar saniya ce cikakkiya da aka cire wa sukari kawai. Ita kuwa madarar akuya, wadda ita ce shawarar farko da maƙwabta ke bayarwa, furotin ɗinta ya yi kama da na saniya ƙwarai, har yara tara cikin goma masu alajin saniya ita ma tana tayar musu. Ta tunkiya haka. Ta raƙumi ta ɗan bambanta, akwai wani babban furotin guda mai jawo alaji da babu shi a cikinta, amma wannan bai mai da ita amintacciya ba, kuma ba abin gwadawa a gida ba ce.

Sai kuma madarar da ke ɓoye: biskit, alewar madara, cincin, kek, burodin da aka shafa wa bota, shayin mai shayi, da garin kunun jarirai na kanti, wanda yawancinsa da madara a ciki. A sa wanda ya iya karatu ya duba jerin kayan da aka rubuta a jikin leda ko gwangwani. A gidan yawa kuma ludayin da aka dama fura da shi kada ya shiga kunun yaron sai an wanke shi da sabulu, kuma a gaya wa yayyensa, don su ne ke ɗura wa ƙane abin da ke hannunsu saboda ƙauna. Wani abu da ba kowa ya sani ba: ledar gyaɗar da ake ba yara masu tamowa akwai garin madara a cikinta, haka madarar F-75 da F-100 da ake ba waɗanda aka kwantar. Uwar yaron da aka tabbatar yana da alaji ta faɗa tun a bakin ƙofa. Amma zato kawai bai isa a hana yaro mai tamowa wannan abinci ba, don shi ke tsakaninsa da mutuwa.

Me zai ci ke nan? Mafi arha kuma mafi inganci shi ne mama, har shekara biyu. In uwar ce aka sa ta bar madara, tana bukatar ƙwayar kalsiyam, kusan miligiram 1000 a rana, da bitamin D. In yaron ya fara nuna alaji ne sai da aka ba shi madara kai tsaye, alhali da yana shan mama lafiya, uwar ba ta bukatar barin furarta. Jaririn da ba ya samun mama yana bukatar madara ta musamman wadda aka farfasa furotin ɗinta ƙanana, ko ga mai tsanani wadda aka warware shi gaba ɗaya. Suna da tsada kuma ba kullum ake samunsu ba, wanda ya ƙara nuna wautar gaggawar yaye. Madarar gwangwani ta waken suya ana iya amfani da ita bayan wata shida, amma wasu masu alajin madara ita ma ba ta karɓarsu, musamman masu nau’in jinkiri. Ruwan waken suya da ake dafawa a gida, ko kunun zalla, ba ya maye gurbin madara ga jariri.

Daga shekara ɗaya zuwa uku yaro yana bukatar aƙalla miligiram 500 na kalsiyam a rana, abin da kofi biyu na madara ke bayarwa har da ragi, tunda kowace mililita 100 tana da kusan miligiram 120. In babu madara sai an tattaro shi daga wurare da yawa: garin zogale a kunu, miyar kuka, riɗi da aka soya aka daka, wake, da ƙananan busassun kifi da ake dakawa har da ƙayarsu. Furotin da maiƙon da madara ke bayarwa kuma ƙwai da nama da gyaɗa da awara su cike shi. Ba a hana yaro ƙwai ko gyaɗa don kawai yana da alajin madara, sai in su ma sun nuna nasu. Katin awo shi zai faɗi ko abincin ya isa, don haka a riƙa kai shi kowane wata.

Yawancin yara suna fita daga alajin madara. Masu nau’in jinkiri da yawa suna warwarewa tsakanin shekara ɗaya zuwa uku, masu na gaggawa sukan ɗauki lokaci, da yawansu sai wajen shekara biyar, kaɗan kuma suna girma da ita. Saboda haka ana sake dubawa bayan an yi aƙalla wata shida babu madara, yawanci in yaro ya kai wata tara zuwa shekara. Ana farawa da madarar da aka gasa cikin fulawa, kamar ɗan gutsuren biskit, domin zafin tanda da haɗuwa da fulawa suna rage ƙarfin wasu furotin ɗin. In ya zauna lafiya na ’yan kwanaki sai a matsa zuwa abin da aka dafa da madara, daga nan kindirmo, madara zalla ita ce ta ƙarshe. In alama ta dawo a wani mataki, a koma wanda ya karɓe shi a tsaya nan wata uku zuwa shida kafin a sake hawa. Wanda ya taɓa sarƙewar numfashi, ko yana da asma, matakin biskit ɗin ma a gaban likita ake yi masa.